Kwamfutar da Ke Cika Baki: Yadda Ake Daidaita Hasashenta

Hasashe ya daidaita ne idan kason da aka faɗa ya yi daidai da abin da ke faruwa. Idan mai hasashen yanayi ya ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari, to a ranaku ɗari irin waɗannan ya kamata a sami ruwa a kusan saba'in.

Ana gwada wannan da zanen aminci. Ana raba hasashen rukuni-rukuni, sannan a kwatanta tabbacin da manhaja ta nuna da yawan lokutan da ta dace. A ce manhajar gane hotuna ta duba hoto ɗari, tana cewa ta tabbata kashi 90, amma 72 kawai ta gane. Giɓin maki 18 ke nan, kuma ɗigon rukunin zai faɗo ƙasan layin da ya ratsa zanen daga kusurwa zuwa kusurwa. Cika baki ke nan.

A 2017 Chuan Guo da abokan aikinsa suka nuna manyan manhajojin zamani na yawan yin haka, kuma lamba ɗaya, T, wadda ake kira zafi, tana rage matsalar. Ana raba ɗanyun makin manhajar da T kafin a mayar da su kaso. Maki 4 da 2 suna ba da kashi 88. Idan T ya zama 2, sai su koma 2 da 1, wato kashi 73.

Amsar da manhaja ta zaɓa ba ta canzawa, tabbacin ne kawai ke sauka. Ana nemo T daga bayanan da aka ware, ba waɗanda manhajar ta koya da su ba. Idan kuwa hotunan suka sauya kama, dole a sake aunawa.