Koren wake a haɗin salak: minti uku a tafasasshen ruwa, minti uku a ruwan sanyi

Da zarar sanyin hunturu ya shigo, kasuwannin Garwa, Njamena, Maraɗi da Wagadugu sukan cika da kayan lambu, koren wake kuwa, wanda da yawa ke kira hariko, yana sahun gaba. A lokacin ne masu abincin biki da masu gidajen abinci ke yawan saka shi a haɗin salak da dafa-duka. Sai dai sau da yawa waken da aka sayo kore shar yakan iso faranti ya koma launin kakin soja, ya yi laɓo-laɓo, baƙi su riƙa ture shi gefe da cokali. Waken ba shi da laifi. Matsalar tana cikin mintocin da ya yi a wuta, da kuma abin da ya same shi bayan an sauke.

Maganin da masu girki suka daɗe da sani mataki biyu ne: a tsoma waken cikin ruwan da ke tafasa sosai na ɗan lokaci, sannan a kwashe shi kai tsaye zuwa ruwan sanyi. Faransawa suna kiran wannan aiki da wata kalma mai nufin mai da abu fari, abin da ke da ban dariya, tun da kore ake nema. Mataki na biyun shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin aikin.

Duk wanda ya taɓa lura da tukunya ya san cewa a minti na farko waken yakan ƙara kore fiye da yadda yake ɗanye. Ba wani sabon launi ya samu ba. Akwai iska a ƴan guraben da ke cikin naman wake, tana dushe launin kamar yadda hazo ke dushe bishiya daga nesa. Zafi yana kore wannan iska, sai koren ya fito fili. Amma zafin bai tsaya nan ba. Sinadarin da ke ba ganye launinsa, wato kulorofil, yana riƙe da ƙwayar maganiziyam a tsakiyarsa. Idan dahuwa ta yi tsawo, ƴan ɗakunan da suka haɗa naman wake sukan fashe su saki tsamin da ke cikinsu, tsamin kuma ya tumɓuke maganiziyam ɗin. Daga nan launin ya koma kaki, kuma babu abin da zai dawo da shi. Wannan canji yakan fara bayyana tsakanin minti 5 zuwa 7 na dahuwa. A daidai wannan lokaci zafin yana narkar da ɗankon da ke manne ƴan ɗakunan da juna, shi ya sa launi da ƙaras-ƙaras suke tafiya tare.

Nan ne amfanin ruwan sanyi yake. Waken da aka tsame aka tara a roba bai daina dahuwa ba. Na tsakiyar tulin yana lulluɓe da zafin na kewaye da shi, yana ci gaba da nuna kamar tuwon da aka rufe a kula. Mai girkin da ta ƙirga minti 3 daidai, sannan ta bar waken a kwando ya huce da kansa, ta ƙara masa wasu mintocin dahuwa ba tare da ta sani ba.

A ɗauki misalin mai abincin da aka ba aikin salak na bikin suna, ta sayo wake kilo 2. Tukunyar da take da ita tana cin ruwa lita 4 da ɗan sarari a sama. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce lita 4 na ruwa ga rabin kilo na kayan lambu, saboda haka kilo biyun nan zubi huɗu ne, ba ɗaya ba. Dalilin yawan ruwan shi ne, waken sanyi ne da shi, kuma yana kwantar da tafasa. Idan aka juye kilo 2 gaba ɗaya, ruwan zai yi tsit, ya ɗauki mintoci kafin ya sake tafasa, waken kuma yana jiƙe cikin ruwa mai zafi duk tsawon lokacin. Ma'aunin da za ta duba mai sauƙi ne: in ruwan bai dawo tafasa cikin kamar minti ɗaya ba, waken ya yi wa tukunyar yawa ko wutar ta yi kaɗan. Ruwa mai yawa kuma yana tsarma tsamin da waken ke fitarwa.

Kafin ta ɗora komai, za ta wanke waken, ta cire kan da ke wajen reshe, ta yanka shi tsayi ɗaya, ta ware manya masu kauri daga sirara don kowane zubi ya nuna tare. Za ta kuma tanadi bahon ruwan sanyi a gefen murhu tun da wuri, domin in sai an tsame waken za a fara neman ƙanƙara, an makara. Idan ruwa ya tafasa har yana birkima, ta zuba gishiri babban cokali biyu zuwa uku, ta saka rabin kilo na farko. Ƙirgar lokaci tana farawa ne daga sa'ad da ruwan ya sake tafasa. Sirara minti 2 ya ishe su, matsakaita minti 3, masu kauri su kai 4. Agogo kaɗai ba ya wadatarwa. Ta ciro ɗaya ta tsoma a ruwan sanyi ta ciza: ya kamata warin ɗanyen ya tafi, waken ya lanƙwasu kaɗan, amma haƙori ya ji shi.

Da ya kai haka, sai ta tsame shi da matsami, ba ta juye tukunyar ba, domin ruwan nan zai yi wa sauran zubi ukun aiki, kuma gawayi ko gas ɗin da ya tafasa shi kuɗi ne. Waken ya faɗa baho nan take, ta juya shi da hannu mai tsabta. Yakan ɗauki kusan tsawon lokacin da ya yi a wuta kafin ya huce har ciki, ana ganewa idan aka karya ɗaya aka taɓa tsakiyarsa aka ji babu ɗumi. Ƙanƙarar da za ta buƙata kusan nauyin waken ce, wato kilo 2 ga aikin duka, tana ƙarawa bayan kowane zubi. Da ya huce ta fitar da shi. Barin sa cikin ruwa rabin awa yana tsotse gishirin da ɗanɗanon, da wani kaso na bitamin da ke narkewa a ruwa. Ta baza shi a kan tsabtataccen ƙyalle ya tsane, tun da jiƙaƙƙen wake ba ya kama mai, kuma yana tara ruwa a ƙasan tire.

Ba kowace unguwa ke da ƙanƙara ba, musamman inda wutar lantarki ke zuwa da tafiya. Ruwan randa yana iya yin aikin, amma baho ɗaya ba zai isa ba, domin zubin farko kaɗai zai ɗumama shi. Sai a jera baho biyu ko uku: na farko ya kwashe yawancin zafin cikin ƴan daƙiƙoƙi, na biyu ya ƙarasa. A rage girman zubi, a kuma rage rabin minti daga lokacin wuta, tun da hucewar za ta ɗan yi jinkiri. Ruwan da ya ɗumama ba asara ba ne, ya yi wanke-wanke.

Akwai wani abu a nan da ya fi launi nauyi. Waken salak ba zai sake komawa wuta ba, saboda haka ruwan da aka sanyaya shi da shi dole ya zama ruwan da za a iya sha, haka ma ƙanƙarar. Babban dutsen ƙanƙara da ake saye don sanyaya kifi ko lemon kwalba ba lallai ne da ruwan sha aka yi shi ba. Inda ake shakka, a bar ƙanƙarar cikin leda a ɗaure, a jefa ta haka cikin ruwa mai tsabta. Kuma ɗan tafasar nan ba ta hana wake lalacewa. A firigo yana kwana biyu zuwa uku cikin rufaffen mazubi, a waje kuwa bai kamata ya wuce awa 2 ba, da zafin bazara ma ƙasa da haka.

Tsohuwar dabarar da ake gani a gidaje da yawa ita ce jefa ɗan kanwa a tukunya. Gaskiya ne tana riƙe kore, domin tana kashe tsamin da ke ɓata launin. Amma kanwa tana saurin narkar da ɗankon nan da ke riƙe naman wake, tana kuma lalata bitamin C. A miyar kuɓewa, inda laushi da yauƙi ake so, tana da gurbinta. A waken salak kuwa, abin da ake samu shi ne wake mai kyan gani wanda ke dagargajewa a cokali. Kishiyar kanwa ita ce lemon tsami da binega. Su ne ke ƙarasa ɓata aikin da aka yi da kyau: in aka yaryaɗa su tun da safe, kafin azahar waken ya dushe ko da yana da sanyi. A ajiye su gefe sai lokacin rabon abinci. Saboda wannan dalili ne yakuwa ba ta amfana da dabarar, tsaminta a jikinta yake, tana taɓa ruwan zafi take sauya launi.

Sauran kayan lambu lokaci ne kawai ya bambanta. Alayyafo minti ɗaya zuwa biyu, sannan a matse shi a hankali bayan ya huce. Yankakken kabeji minti ɗaya da rabi. Kuɓewa a bar ta guda, ba a yanke kanta har cikin ƴaƴa ba, ƙanana minti 3, manya minti 4.

Masu firiza da ke son sayen wake da araha a hunturu su ajiye don azumi ko damina suna da ƙarin dalili. A cikin ɗanyen wake akwai sinadaran da ke ci gaba da aiki a hankali ko a cikin ƙanƙara, su ne ke sa waken da aka daskarar ɗanye ya fito bayan ƴan watanni da launin toka da ɗanɗanon ciyawa. Tafasa ce ke kashe su, amma sai ta cika. A nan ba a rage lokaci: minti 3 cikakku ga koren wake, domin tafasar da ba ta kai ba takan zaburar da sinadaran ne maimakon ta kashe su. Bayan ya huce ya tsane sarai, a ƙulla shi a leda daidai girki ɗaya-ɗaya, a matse iskar, a rubuta kwanan wata a jiki. Ranar da za a yi amfani da shi ba a jira ya narke, a zuba shi a tukunya da ƙanƙararsa a mintocin ƙarshe na girki.