Mai Saye Ɗaya Ubangida Ne: Darasi Daga Cinikin Gyaɗar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya zauna da 'yan kasuwar gyaɗa a Gwarzo ko Kabo ya san ba yawan masu saye ke riƙe da cinikinsu ba. Mutum biyu ne ko uku ke kwashe galibin kayan. Mun ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayanin wannan al'amari, gama su a kan kawo wa littafin lissafi su duba, su a kan tambaya shawara kuma.

Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana zaman mai saye ɗaya. Daga 1912, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa gadan-gadan. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, ejan-ejan masu lasin su saya mata, ba wata ƙofar fitar da gyaɗa waje sai tata. Manomi ya huta da neman kasuwa, amma fa ba shi da bakin cewa albarka, ko da kuɗin da a ke ba shi ya kasa na kasuwar duniya. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin. Wanda bai san kowa ba sai ejan, sai ya tashi ba gida ba dawa.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya bi wata hanya. Ya saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, daga baya U.A.C., ya kuwa riƙe su da kyau har ya zama babba cikin ejan-ejansu, amma bai saki fataucin goro da sauran hajarsa ba. Watau ya ci moriyar babban mai saye, bai ba shi wuyansa ba.

To, bari mu kawo misali, lissafin namu ne domin a gane. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Gwarzo yana sayar da buhu 1,000 na tsabar gyaɗa a shekara. Wani kamfanin matsar mai a Kano yana ɗaukar 600, ya biya bayan kwana 30. Wani attajiri a kasuwar Dawanau yana ɗaukar 250, kuɗi hannu. Matan Kabo da Gwarzo masu yin mai da ƙuli-ƙuli suna ɗaukar 150, kaɗan-kaɗan. A cikin kowace naira 100 da ya karɓa, naira 5 ce ribarsa.

Ran nan kamfani ya aiko ya ce ya rage naira 3 cikin kowace 100. Ga ido ragin ba shi da yawa, amma a kan buhu 600 ya cinye fiye da sulusin ribar shekara duka. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da damar ƙi, domin ba inda zai kai buhu 600 cikin mako guda. Sa'an nan ga bashi. In jarinsa na buhu 300 ne, kamfani kuma yana riƙe da kuɗin buhu 200 a tsakiyar kaka, to kashi biyu cikin uku na jarin yana aljihun wani. Biya ya yi jinkirin mako biyu, sai ya kasa sayen gyaɗa a daidai lokacin da ta ke da araha.

Kada a ɗauka maganin shi ne ya rage wa kamfani kaya. Wannan yanke hannu ne don ƙaiƙayi. Babban mai saye abin riƙewa ne, riƙonsa kuwa aiki ne. Sai ya san abin da kamfani ke dubawa a bakin ƙofa: gyaɗa ta bushe sarai, ba tsakuwa, ba fumfuna, awo ya cika. Saboda haka ya shanya a kan tamfol, ya rairaye, ya tsince, ya auna kafin mota ta tashi. Ya je tun kafin kaka su daidaita yawan buhunan kowane wata, da ranar biya, da abin da za a yi in an ƙi kaya, a rubuta, kowa ya sa hannu. Kada saninsa ya tsaya ga mutum ɗaya, ya san mai awo, da akawun biya, da manaja, gama ma'aikaci a kan canja masa wuri, alkawarin baka ya tafi tare da shi. Wanda kayansa ba sa dawowa, shi a kan ƙara wa oda.

A lokacin nan kuma sai ya reni sauran biyun. Attajirin Dawanau ya kan so zaɓaɓɓiyar gyaɗa mai manyan ƙwaya, sai ya ware masa ita. Matan nan ba sa iya sayen buhu goma, amma suna bukata kowane mako har bazara, lokacin da kuɗin gyaɗa ya kan tashi, sai ya ajiye musu ya riƙa kai musu ƙofar gida. Mu ƙaddara baɗi kamfani ya ɗauki 650, attajiri 450, mata 300. Jimla 1,400 ke nan. Kamfani ya sami fiye da bara, amma rabonsa ya sauko daga 60 cikin 100 zuwa wajen 46. Yanzu in ya aiko da ragi, akwai bakin magana.

Amma akwai tarko guda. In attajirin Dawanau shi ma kamfanin nan ya ke kai wa, to ba masu saye biyu ba ne, ɗaya ne mai ƙofa biyu, ranar da injin ya tsaya duka biyun za su tsaya. Lalle ne a bincika inda kaya ke ƙarewa. Haka kuma a san dabarar nan tana da iyaka: ajiye wa mata gyaɗa har bazara yana ɗaure jari, yana son sito marar danshi, mai ƙaramin ƙarfi sai ya bi a hankali.

Akawun da aka kawo wa littafi, ga abin da mu ke ba shi shawara. Ya buɗe wa kowane babban mai saye shafinsa, ya rubuta buhunan da ya ɗauka, da ranar da ya biya, da kayan da ya mayar, da kuɗin mota, don a ga ribar gaskiya. Sau da yawa wanda ya fi ɗaukar kaya ba shi ne ya fi barin riba ba. In kwana 30 ya fara zama 45, ko an fara ƙin kayan da a da a ke karɓa, ko an ce kada ya sayar wa kowa sai su, to hadari ya haɗo. A ganinmu kada bashin mutum ɗaya ya wuce rubu'in jari, in ya kai nan a tsai da mota sai an biya.

Gara a yi wannan lissafi tun gyaɗa tana gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.