Hutun Fatar Baki: Yadda Rashin Takarda Ke Cinye Albashin Ma'aikaci

A ofisoshinmu da makarantu da asibitoci, hutu da yawa da baki ake ba da shi. Ma'aikaci ya shiga wurin shugabansa ya rusuna ya gaida shi, ya ce yana son zuwa gida saboda jikin mahaifiyarsa, shugaba ya ce, "Ba komai, Allah ya ba ta lafiya, ka gaida mutanen gida." Idan an tsananta, ma'aikacin ya rubuta takarda guda ɗaya ya ajiye a kan teburin sakatare ya kama hanyar tasha. Sau da yawa abin yakan wuce lafiya. Matsala tana tasowa ne ranar da aka yi wa shugaban nan canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko kwamitin tantance ma'aikata ya buɗe littafin sa hannu ya tarar da layin mutum babu komai har na mako uku.

A ranar ba a tambayar wa ya faɗa wa wa. Takarda ake nema. Dokokin aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya sun sanya rashin zuwa aiki ba tare da izini ba cikin manyan laifuffuka, waɗanda hukuncinsu kan kai ga kora, kuma sun ɗora wa ma'aikacin nauyin nuna dalilin da zai sa kada a yanke masa cikakken hukuncin. Wato ba ofis ne zai wahala wajen tabbatar da cewa ka yi fashin aiki ba, domin littafin sa hannu ya riga ya nuna ba ka zo ba. Kai ne za ka kawo shaidar cewa da izini ka tafi. Jihohi suna da nasu dokokin aikin masu kama da wannan, kamfanoni kuma sukan rubuta irin wannan sharaɗi a takardar ɗaukar aiki.

Wani zai ce ai hutu haƙƙinsa ne. Haka ne. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa. Sashe na 16 ya tanadi biyan albashin da ya kai na kwana 12 na aiki a shekara ga wanda rashin lafiya ta hana zuwa, idan likita mai rajista ya tabbatar. Sashe na 54 kuma ya ba mai juna biyu mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Amma samun haƙƙin hutun shekara daban, izinin tafiya a rana kaza daban. Ranar farawa da ranar dawowa sai da amincewar wurin aiki, kuma a kan waɗannan ranakun ne ake yawan samun saɓani.

Takardu biyu ne ke kare ma'aikaci, kowacce da aikinta. Ta farko ita ce kwafin takardar neman hutu mai ɗauke da shaidar an karɓa. Kwafin da ka ajiye a gida ba tare da wannan shaida ba, abin da yake nunawa kawai shi ne ka taɓa rubuta takarda, kuma mai jayayya da kai zai iya cewa jiya ka rubuta ta. Saboda haka a tafi da kwafi biyu. A miƙa su ga akawun da ke karɓar takardu a rajista, ya buga hatimin karɓa a kan duka biyun, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da sunansa, ya riƙe ɗaya ya mayar maka da ɗaya. Inda babu hatimi, rubutun hannunsa cewa ya karɓa a rana kaza ya wadatar. Idan masinja ne zai kai takardar wani sashe, a tabbatar ta shiga littafin aike, wanda mai karɓa ke sa wa hannu.

Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce takardar amincewa. A nan ne mutane da yawa suke zamewa, domin suna ɗaukar hatimin karɓa a matsayin izini. Hatimin karɓa yana nufin takardarka ta iso ne kurum. Haka ma rubutun da shugaban sashe ke yi a gefen takarda cewa ya goyi baya: a yawancin ma'aikatu shawara ce yake miƙawa sama, sashen mulki ne ke fitar da amincewa. Kuma shirun ofis ba amincewa ba ce. Wanda ya miƙa takarda ya jira mako biyu bai ji komai ba, sai ya tafi bisa zaton an yarda, a idon doka ya tafi ne ba da izini ba. Abin da ya dace ya yi shi ne ya rubuta takardar tuni mai ambaton ranar da ya miƙa ta farko, ita ma a buga mata hatimi.

Ita kanta takardar amincewar a karanta ta kafin a bar ofis. Ya kamata ta faɗi irin hutun, na shekara ne, na uzuri, na jinya, na haihuwa ko na karatu. Ta faɗi ranar farawa da ranar komawa aiki. Idan hutun karatu ne, ta bayyana da albashi ne ko babu, da tsawon lokacinsa. Sannan ta kasance da sunan jami'in da ya sa hannu da muƙaminsa.

Mu ɗauki misali don a ga yadda ƙaramin giɓi ke zama rigima. Wata ma'aikaciyar jinya ta nemi hutun kwana 21 daga ranar Litinin 3 ga wata, a wata mai kwana 31. Shugabar sashenta ta ce mata ta tafi, takarda za ta biyo baya. A lissafin ma'aikaciyar, kwanakin aiki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi, don haka hutunta zai ƙare ranar Litinin 31 ga wata, ta koma Talata 1 ga watan gobe. A lissafin sashen mulki kuwa, kwanakin kalanda ne a jere, hutun ya ƙare Lahadi 23 ga wata, ana jiran ta Litinin 24. Tsakanin lissafin biyu akwai kwana shida na aiki: 24 zuwa 28, da kuma 31. Tana dawowa ta tarar da takardar tuhuma, an ba ta awa 48 ta bayyana dalilin da zai hana a hukunta ta.

Me take da shi a hannu? Idan kwafi mai hatimi ne kawai da ke cewa "kwana 21", bai raba gardamar ba, domin kowane ɓangare zai karanta shi yadda ya fahimta. Da ta rubuta a takardarta cewa za ta koma aiki ranar 1 ga watan gobe, aka kuma amince a rubuce da wannan ranar, da amsar tuhumar layi uku ce tare da kwafin amincewar a manne. Da kuma sashen mulki bai yarda da lissafinta ba, da tun kafin ta tafi an gyara. Darasin shi ne kada a tsaya ga adadin kwanaki. A rubuta ranar farawa da ranar komawa aiki da sunan ranar da kwanan watanta.

Akwai uzurin da ba ya jiran takarda, kamar rasuwa da dare ko haɗari a hanya. A irin wannan, bayan an kira shugaba a waya ya ce a tafi, a biyo da saƙon tes ko WhatsApp ko imel a ranar: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka ba ni izinin tafiya jana'izar yayana daga yau Laraba, zan dawo aiki ranar Litinin in Allah ya yarda." Ko "to, Allah ya jiƙansa" ya amsa, an samu rubutaccen abu mai kwanan wata. Da an dawo sai a cike takardar ofis a ambaci saƙon. Idan jinya ce ta tsawaita, a aika da takardar likita tare da neman ƙari kafin hutun farko ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba.

Saƙon waya yana da iyakarsa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a gaban kotu, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da saƙon. Hoton allo da aka yanke, ba lamba ba kwanan wata, yana da sauƙin musantawa. A bar ainihin saƙon a wayar, kada a goge shi. Wanda wurin aikinsa ke amfani da imel na ofis ko shafin intanet wajen neman hutu, ya buga amincewar a takarda tun yana da damar shiga, domin ranar da aka dakatar da mutum, akan rufe masa hanyar shiga akwatin saƙonsa.

Rigimar hutu ba kullum take tashi nan take ba. Wata sai bayan shekaru, lokacin ƙarin girma, ko tantance ma'aikata don zaƙulo na bogi, ko lissafin fansho da giratuti, musamman ga waɗanda suka yi dogon hutun karatu. A lokacin fayil ɗin mutum ya bi ofisoshi da yawa, wasu shafuka sun zube. Shi ya sa ake son mutum ya ajiye nasa kwafin a gida, ba a durowar ofis ba, tare da takardar komawa aiki da ya rubuta ranar da ya dawo. Idan magana ta wuce sashen mulki da ƙungiyar ƙwadago, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, kuma a can takardun nan lauya zai fara tambaya.

Abin da ke hana mutane neman takarda yawanci kunya ce, kada shugaba ya ga kamar ba a yarda da maganarsa ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tsakanin muminai, ba don ana zargin juna ba. Takardar ma tana kare shugaban, domin shi za a tambaya dalilin da ya sa ma'aikacinsa ba ya bakin aiki. Don haka shugabanni su riƙa sa hannu ba sai an roƙe su ba. Kai kuma ma'aikaci, kada ka sayi tikitin mota sai takardar amincewa mai ɗauke da ranar komawarka ta shiga hannunka.