Hoto biyu, bidiyo ɗaya: yaushe bambancin yake gaskiya?

Ɗan hoton nan da ke gaban bidiyo a YouTube shi ne mai kiran kasuwa, shi ya sa masu tasha ke yawan sauya shi don su ga wanda ya fi jawo mutane. Sai dai yadda aka saba yin gwajin akwai son kai a ciki. A sa hoto ranar da bidiyo ya fita, washegari a canza, sannan a kwatanta. Ai masu kallon ranar farko mabiyanka ne, ko me ka sa za su danna. Daga baya ne ake nuna wa baƙi, su kuwa ba su san ka ba. Hoto na biyu ya faɗi tun kafin a fara.

A 2024 YouTube ta buɗe wa masu tasha Test & Compare a cikin YouTube Studio. Kana sa hoto har uku, ita ke rarraba su ga masu kallo a lokaci guda, gwajin kan kai mako biyu. Ba yawan dannawa take dubawa ba, tsawon kallon da kowane hoto ya jawo take aunawa. A ƙaramar tasha sau da yawa takan ƙare ba gwani, kuma wannan amsa ce ta gaskiya.

Mai son gwadawa da hannu ya ɗauki tsohon bidiyo da kallonsa ya daidaita, ya ba kowane hoto mako cikakke, ya sauya abu ɗaya tak. Kada a tura bidiyon a WhatsApp a tsakiyar gwaji, kada kuma mako ɗaya ya faɗo cikin hidimar Sallah.

A ce bidiyon suyar masa ne. An nuna kowane hoto sau 1,000. Mai fuskar uwargida ya samu dannawa 50, mai farantin masa kaɗai ya samu 60. Kamar an yi nasara, ko? Haɗa su, 110 ke nan. Danna alamar √ a kalkuleta, za ka samu wajen 10, ka ninka biyu ya zama kusan 21. Tazarar da ba ta kai wannan ba, sa'a kaɗai na iya haifar da ita, ko da hoto iri ɗaya aka nuna wa ɓangarorin biyu. Tamu 10 ce kacal.

Da an nuna kowanne sau 10,000 aka samu 500 da 600, lissafin zai ba da kusan 66, tazarar kuma 100. Nan kam farantin ya ci.

Tun farko a yanke ranar tsayawa. Mai leƙawa kullum, ya dakatar da gwaji ranar da hoton da yake so ke gaba, zai yi ta samun "gwani" ko da babu. Tashar da ba za ta tara irin wannan adadi ba kuwa, gara ta gwada hotuna masu bambanci ƙarara, kamar fuska da rashin fuska, ba canjin launin rubutu ba.