Kafin ka biya kuɗin agogon alfarma na gwanjo: yadda ake gane jabu

Agogon alfarma kaya ne da ke yawan sauya hannu. Wani ya saye shi a Dubai, bayan shekaru ya sayar wa dillali, dillali ya kai wa wani attajiri, kwali da takardu kuma sun ɓace a hanya. A irin wannan yawon ne jabu ke kutsawa. A da, gane jabu ba ya da wuya: ba ya da nauyi, rubutun fuskarsa a karkace, hannun daƙiƙa na tsalle. Yau kuwa akwai masana'antun da ke kwaikwayon agogo har cikin injinsa. Don haka ka riƙe ƙa'ida ɗaya: alama guda ta isa ta tona asirin jabu, amma kyawun alamomin waje, komai yawansu, ba ya tabbatar da cewa agogo na asali ne. Tabbaci yana cikin inji.

Mu ɗauki misalin agogo guda wanda masu jabu suka sha kwaikwaya: Rolex Submariner mai nuna kwanan wata, samfurin da ke da lamba 116610LN, wanda kamfanin ya ƙera daga 2010 zuwa 2020. A ce dillali ya ajiye maka shi a kan tebur, ya ce na 2016 ne. Kafin ka taɓa shi, ya kamata ka san abin da wannan samfurin ya ƙunsa: faɗinsa milimita 40, baƙar fuska, baƙin zoben tangaran a kewaye da gilashi, da inji mai lamba 3135. Wanda ya gaje shi a 2020, wato 126610LN, milimita 41 ne, kuma injinsa 3235. Duk binciken da za ka yi, kwatanta abin da ke gabanka ne da abin da kamfanin ya ƙera a wannan samfuri da wannan shekara.

Nauyi shi ne gwaji na farko, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Rolex na ƙera wannan agogo da ƙarfe marar tsatsa nau'in 904L, gaɓoɓin sarƙarsa kuma cikakku ne, ba masu rami a ciki ba. Idan sarƙar ta cika, nauyinsa kan kai giram 150 da ɗoriya. To a ce ka ɗora shi, sikeli ya nuna 120. Kada ka yi saurin yanke hukunci. Fara ƙirga gaɓoɓin sarƙar, domin mai shi na farko yana iya cire biyu ko uku don ya dace da hannunsa, kowace gaɓa kuwa tana da 'yan giram. Amma idan sarƙar a cike take kuma giɓin ya kai haka, magana ta ƙare. Sai dai kuma idan nauyin ya yi daidai, bai nuna komai ba tukuna, domin manyan masu jabu suna amfani da ƙarfe mai nauyi iri ɗaya.

Inda sikeli ya fi amfani shi ne a agogon zinariya. Zinariya mai karat 18 ta kusa ninka ƙarfe biyu wajen nauyi, don haka ƙarfen da aka yi wa ruwan gwal zai faɗi ƙasa sosai a ma'auni. Ka kuma duba kusurwoyi da wajen maƙulli, inda gogayya ta fi yawa. Idan farin ƙarfe ya fara leƙowa daga ƙarƙashin launin gwal, shafe ne kawai.

Daga nan sai fuska, a nan kuma kana buƙatar gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma. A fuskar wannan samfuri, ƙarƙashin tambarin kambi, an rubuta ROLEX da OYSTER PERPETUAL DATE, a ƙasa kuma akwai SUBMARINER da zurfin ruwan da yake jurewa, 1000ft = 300m, sannan layuka biyu na shaidar ingancin lokaci. A agogon asali, gefen kowane harafi a yanke yake tsaf, kaurin haruffa ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya, fentin kuma yana da ɗan tudu. A jabu za ka ga fenti ya ɗan malala, wani harafi ya fi ɗan'uwansa kauri, ko ƙura ta maƙale a ƙarƙashin gilashi. Alamomin sa'o'i, waɗanda aka kewaye da farar zinariya, dole su zauna daidai a kan layukan mintuna. Ka haska masa fitila sannan ka kai shi duhu: wannan samfuri shuɗin haske yake bayarwa, kuma hasken hannaye da na alamomin sa'o'i ya kamata su zo ɗaya.

Akwai wani ɗan wuri a can ƙasan fuska, wajen ƙarfe shida, inda aka rubuta SWISS MADE. A sabon samfurin 126610LN, akwai ƙaramin kambi tsakanin kalmomin biyu, amma a 116610LN babu shi. Idan agogon da aka ce maka na 2016 ne yana ɗauke da wannan kambi, to fuskar ba tasa ba ce. Irin wannan saɓani ne ke kama ƙwararrun masu jabu, domin sukan kyautata aiki amma su haɗa abin wata shekara da na wata.

Gilashin ma yana da abin faɗa. Ɗan kumburin da ke kan kwanan wata yana ninka lambar sau biyu da rabi, har ta kusa cika tagar. A jabu mai araha lambar kan fito 'yar ƙarama, ko ta karkata gefe. A wajen ƙarfe shida kuma, tun farkon shekarun 2000 kamfanin ke zana ɗan ƙaramin kambi a cikin gilashin da ɗigo-ɗigo. Na asali yana da wuyar gani sai an karkata agogon zuwa haske, don haka wanda ya fito ɓaro-ɓaro abin zargi ne. Sannan a bangon ƙarfen da ke tsakanin fuska da gilashi an sassaƙa sunan ROLEX a jere har ya zagaye, da kambi daidai kan sha biyu, da lambar agogon a wajen shida. Sassaƙar ta zama mai tsabta, haruffan kuma su daidaita da layukan mintuna. Juya bayansa: marfin wannan samfuri ƙarfe ne sumul, ba gilashi, ba tambari.

Yanzu ka sa hannu. Zoben da ke kewaye da gilashi gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, kuma yana yin ƙas-ƙas sau 120 kafin ya zagayo, ba tare da sakwarkwacewa ba. Warware maɓallin gefe ka wana agogon. Ya kamata ya tafi lami lafiya, ba ka jin kamar yashi a ciki. Tura hannaye su wuce sha biyun dare: kwanan wata ya kamata ya sauya farat ɗaya, ba ya ja jiki a hankali ba. Hannun daƙiƙa kuwa, injin 3135 na bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganin kamar sulalawa yake yi. Wanda ke tsalle sau ɗaya a daƙiƙa batir ne a cikinsa, Submariner kuwa ba ya aiki da batir. Jabu mai matsakaicin farashi kan yi amfani da inji mai bugu 21,600 a awa, sau shida a daƙiƙa. Ido ba ya saurin raba wannan da na asali, amma na'urar auna bugun agogo da ke wajen ƙwararrun masu gyara tana nunawa nan take.

To a ce agogon dillalin nan ya tsallake duk waɗannan. Saura buɗe marfi, wannan kuma aikin ƙwararre ne mai makullin da ya dace, domin wuƙa ko filaya za su ɓata marfin. A cikin injin 3135 na asali, ƙarfen faranti yana da ado na ƙananan da'irori masu hawa kan juna cikin tsari, gefunan sassa a goge suke, kawunan kusoshi ba su da tabon sukudireba, rubutun da aka sassaƙa kuma a cike yake da launin gwal. Akwai wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora guda biyu, jajaye, a sashen da ke wana agogon da motsin hannu. Siririyar wayar da ke naɗe a tsakiyar ƙafar da ke kai-komo shuɗiya ce, ita kuma ƙafar tana ƙarƙashin gada mai tushe biyu.

Wurin da mai gyara zai fi zuba ido shi ne yadda ake saita gudun agogon. A yawancin injuna masu araha akwai ɗan hannu da ake turawa don rage ko ƙara tsawon wayar. Rolex ba ya amfani da wannan a 3135. Maimakon haka, akwai ƙananan kusoshin zinariya a cikin bakin ƙafar, su ake murzawa. Ganin wancan ɗan hannu a injin da aka rubuta wa 3135 hujja ce yankakkiya. Wasu sababbin jabu sun kwaikwayi har wannan tsari, don haka sai a koma ga tsabtar aiki: gefe mai kaushi, ɓurɓushin ƙarfe, mai da ya yi yawa ko ya bushe, da jan launi da aka shafa kawai. Tun 2015 kamfanin ke alkawarin cewa agogonsa ba zai yi gaba ko baya da fiye da daƙiƙa biyu a rana ba. Tsohon agogon da ya daɗe bai ga gyara ba yana iya kauce wa wannan, don haka rashin daidaiton lokaci shi kaɗai ba hujja ba ce.

Buɗe marfi yana kuma tona wata matsala da ta fi jabu tsantsa wuyar ganewa, wato agogon haɗe-haɗe. Za a samu inji na asali a cikin jikin jabu, ko jiki na asali da fuskar da aka sake fenti, ko sarƙar wani samfuri. Irin wannan yana da sassan gaske, amma darajarsa ta faɗi ƙasa warwas, mai saye kuwa kuɗin cikakken agogo ake nema ya biya.

Kwali da katin garanti ba sa maye gurbin wannan bincike, domin buga kati ya fi ƙera inji sauƙi. Amfaninsu shi ne a gwada lambar da ke katin da wadda ke jikin agogon, da kuma lambar samfuri da ke sassaƙe a jikin ƙarfe wajen sha biyu, wadda ba a gani sai an cire sarƙa.

Saboda haka, ka sa sharaɗi tun kafin a yi maganar farashi: za a buɗe agogon a wajen mai gyaran da kai ka zaɓa, a gaban mai sayarwa, bayan an rufe kuma a gwada ko har yanzu yana hana ruwa shiga. A rubuta lambar agogon a takardar ciniki, tare da yarjejeniyar mayar da kuɗi idan aka gano saɓani. Mai kayan gaskiya ba ya asarar komai da wannan sharaɗi. Wanda ya ƙi a buɗe, ko ya ce akwai mai jiran kayan don ka gaggauta, ko ya karya farashi ƙasa da kasuwa nesa ba kusa ba, cinikin biri a sama yake so ka yi. Ka riƙe kuɗinka.