Sandar Sirdi Ta Maƙale a Keken Alminiyam: Yadda Ake Cire Ta

An kwance notin matsi, an murɗa sirdi, amma sandar ta ƙi motsi. Abin da ke jawo haka shi ne gumi da ruwan sama da ke zurarawa tsakanin sandar da bututun firam. Alminiyam ba ya jan tsatsa, wani farin gari yake yi, kuma garin ya fi ƙarfen da ya ci yawa, sai ya cike 'yar kafar da ke tsakani ya riƙe sandar gam.

Abin da ya kamata mai keke ya riƙe shi ne, dabarun da ke ci a firam ɗin baƙin ƙarfe kashe na alminiyam suke yi. Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana narkar da alminiyam, saboda haka za ta cinye bututun tare da sandar. Wutar walda kuma tana lalata ƙarfin da aka ba firam ɗin a masana'anta. Kada a buɗa tsagar bakin bututun da sukudireba, tsagewa zai yi. Kada a doka sandar ƙasa da guduma.

A fara da kanga mayen ƙarfe. Idan ya kama, sandar baƙin ƙarfe ce, kuma aiki ya zo da sauƙi, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A naɗe bututun da tsumma, a kwarara masa tafasasshen ruwa, a murɗa nan take. Idan bai kama ba, kuma sandar alminiyam ce, zafin ba zai yi wani tasiri sosai ba, tunda tare za su buɗe.

Sai a koma ga jiƙo. A cire gatarin feda, a kifa keken, a zuba man sassauta tsatsa ta ramin da ke ƙasan bututun, a bar shi kwana 2 ko 3. Daga nan a cire tayoyi, a damƙe sandar a matsin teburin makaniki, a riƙa juya firam ɗin dama da hagu a hankali ana ja. Ƙarar ɓas ta farko yawanci alama ce garin ya saki. Amma idan fenti ya fara tsattsagewa a wurin walda, a tsaya.

In duk sun faskara, a sadaukar da sandar. A yanke ta a bar santimita 3, a zura bakin zarto cikin raminta a yi tsaga biyu daga sama har ƙasa, ana haskawa da tocila don kada haƙoran su taɓa bututun. Sannan a matse guntun ya lanƙwasa ciki, a zare.

Kafin a sa sabuwa, a goge cikin bututun, a duba girman da ke rubuce jikin tsohuwar, kamar 27.2 ko 31.6, a shafa giris. A riƙa zare ta ana sake shafawa kafin damina da bayanta.