Wasiƙu Biyu a kan Yarinya Ɗaya

A ɗauka yarinya ce 'yar aji uku a wata firamare ta Aliero, tana kwafe duk abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, amma in aka nuna mata kalma aka ce ta karanta sai ta sunkuyar da kai. Malamai biyu suka rubuta wa mahaifinta wasiƙa. Dukansu sun buɗe da sallama da gaisuwa, dukansu sun roƙi a riƙa yi mata karatu a gida. Inda suka rabu shi ne abin da za a karanta.

Na farko ya ce: "Alhaji, a ware mata minti goma sha biyar kullum bayan la'asar, kuma da Hausa." Ya raba lokacin uku. A kason farko a ɗauki baƙi uku kawai, misali b da k da f, a haɗa su da wasulan nan biyar, ta riƙa furta ba, be, bi, bo, bu. A na biyu a rubuta gaɓoɓin a gutsattsarin kwali ta haɗa kalma da hannunta: ba da ki su ba da baki, ki da fi su ba da kifi. A na ƙarshe ta karanta layi huɗu sau uku, a tambaye ta me aka ce. Malami na biyu kuwa ya ce a buɗe mata littafin Turancin aji, ta maimaita shafin da aka yi ranar har rabin awa, ta haddace rubutun kalmomi goma, uba ya sa hannu.

Hujjar na farko tana da ƙarfi. Rubutun Hausa ba ya yawan yaudara, harafi da sautinsa kusan kullum tare suke tafiya, don haka yaron da ya kama dabarar haɗa baƙi da wasali zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Iyaye ma ba baƙon abu aka kawo musu ba, domin a makarantar allo babbaƙu ake fara yi kafin farfaru. Kan irin wannan tsari aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a firamaren Sakkwato da Bauchi.

Sai dai na biyu ma ba da ka ya yi magana ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta, littattafan lissafi da kimiyya da Turanci suke, kuma uban da ke kallon jami'ar kimiyya da fasaha a garinsu ya san da wane harshe ake karatu a cikinta. Ga shi littafin Turancin yana cikin jakar yarinyar, na Hausa na masu koyo kuwa sai an nema, wataƙila sai an shiga kasuwar Jega.

Sai batun wanda zai zaunar da ita. Lokacin cirar albasa uba yana fadama tun safe, uwa kuma mai yiwuwa ajami ta iya ba boko ba. Wasiƙar farko yayarta 'yar aji shida ma za ta iya aiwatar da ita, uwar kuma tana jin abin da ake karantawa, in an ce kifi alhali kafa aka rubuta, ma'anar jimlar za ta tona. Ta biyu tana bukatar mai jin Turanci a gidan, in babu shi sa hannun uba ya zama shaidar zama kawai.

Kowace tana da inda take tuntuɓe. A ta farko, yaya mai zafin rai kan ɗauki karin harshe a matsayin kuskure: yarinyar Maiyama da ta ga fara ta ce hwara ta karanta daidai, bakin garinsu ne. Abin lura shi ne rikita b da d, ko ɓ da ɗ. A ta biyu, haɗarin hadda ce. Yaranmu gwanaye ne wajen riƙe abu da ka, sai ta rero shafi guda ba gargada alhali idonta ba ya kan rubutun. Gane wannan ba wuya: a rufe hoton da ke shafin, a nuna kalma daga ƙarshen layi a dawo baya. In ta tsaya cik, ba karatu take yi ba.

Wannan gwajin ne ya kamata ya raba gardamar. Yaron da ke furta kalmomi daidai amma bai san ma'anarsu ba, Turanci ne ya yi masa ƙaranci, wasiƙa ta biyu ta fi kusa da bukatarsa, muddin an ƙara masa da fassara da hira. Yarinyarmu kuwa haɗa haruffa ne ba ta iya ba, saboda haka ni ta farko zan miƙa wa mahaifinta, da ƙarin layi ɗaya a ƙasa: in an yi wata biyu ana bin tsarin ba canji, a kai ta asibiti a duba idonta da kunnenta kafin kowa ya kira ta daƙiƙiya.